Wa Ke Gaba, Wa Ke Baya? Sahun Wakilan Suna a Jimlar Faransanci

Ɗalibin da ya tashi da Hausa a bakinsa, in ya zauna jarrabawar Faransanci a Damagaram ko Maraɗi, ko a ƙauyen koyon Faransanci da ke Badagry a jihar Legas, akwai wani ɗan kuskure da yakan sha jan biro a kansa. An ce ya faɗi cewa yana miƙa wa shugaban makaranta wasiƙa, amma kada ya maimaita kalmar wasiƙa ko ta shugaba. A ransa jimlar a shirye take: ina miƙa masa ita. Sai ya ɗauko *lui* ya ajiye a gurbin "masa", ya ɗauko *la* ya ajiye a gurbin "ita", ya rubuta *je lui la remets*. Malam ya soke. Abin da ake nema shi ne *je la lui remets*.

Abin ɗaure kan yana layi na gaba. A nan ɗalibin ya rubuta *il me la remet*, wato yana miƙo mini ita, da tsarin Hausa sak, mutum a gaba, abu a baya, kuma malam ya ba shi maki cikakke. Aikatau ɗaya, wasiƙa ɗaya, amma jerin ya juya daga wannan layi zuwa wancan. Ɗalibin bai yi ganganci ba. Hausa ta saba masa da ƙa'ida guda, cewa wanda aka yi wa abu shi ke fara zuwa: na kawo masa shi, ya saya mini ita, mun ba su shi. Faransanci kuwa yana bin wannan ƙa'ida a wani wuri, ya saɓa mata a wani.

Dalilin shi ne, ƙananan wakilan sunan Faransanci kowanne yana da sahunsa, kuma ba ma'anar jimla ke zaɓa masa wuri ba. Wanda ya san sahun, ya kuma san jikin wane aikatau wakilan ke jingina, ya rabu da yawancin wannan jan biro.

Sahu biyar kafin aikatau

A Hausa wakilin sunan karɓau yana bin bayan aikatau: na gan shi, ta kira mu. A Faransanci kuma gaban aikatau yake shiga, ya manne masa: *je le vois*, *elle nous appelle*. Idan wakilai biyu suka haɗu a wannan matsattsen wuri, ga yadda suke jeruwa daga hagu zuwa dama:

Sahu na 1: *me, te, se, nous, vous*
Sahu na 2: *le, la, les*
Sahu na 3: *lui, leur*
Sahu na 4: *y*
Sahu na 5: *en*

Sahu na biyu shi ne na abin da aikin ya faɗa a kansa kai tsaye, kamar "shi", "ita" da "su" a Hausa. Sahu na uku na wanda aka yi wa aikin ne, wato "masa", "mata" da "musu". A nan akwai abin lura ga Bahaushe: Hausa ta bambanta masa da mata, amma *lui* guda ɗaya ne ke ɗaukar nauyin duka biyun. *Je lui parle* na iya zama ina yi masa magana, ko ina yi mata magana. Shi kuma *leur* na wannan sahu ba ya taɓa ɗaukar *s*, komai yawan mutanen. *Leurs* mai *s* na mallaka ne, kamar a *leurs livres*, littattafansu.

Sahu na farko shi ne mai fuska biyu. *Me* na iya zama "ni", kamar a *il me voit*, yana ganina. Yana kuma iya zama "mini", kamar a *il me parle*, yana yi mini magana. Ko da wace fuska ya zo, wurinsa gaba ne. Wannan shi ya warware rikicin ɗalibin nan. "Mini", "maka", "mana" da "muku" suna sahun farko, don haka suna riga *la* zuwa, kamar a Hausa. "Masa" da "musu" kuwa suna sahu na uku, don haka *la* ke riga su. *Il me la remet*, *il te la remet*, *il nous la remet*, *il vous la remet*. Amma *il la lui remet*, *il la leur remet*.

Korewa ba ta taɓa wannan jeri. *Ne* na tsayawa kafin wakilan gaba ɗaya, *pas* na bin bayan aikatau, sai su zama kamar bango biyu da wakilai da aikatau a tsakiya: *je ne la lui remets pas*. Tambaya ma haka take. Ko an juya mai aikin zuwa baya, wakilan suna nan a wurinsu: *la lui remets-tu ?*

Wannan jeri mai fuska biyu gado ne na tarihi. A tsohon Faransanci, *le* da *la* su ne a gaba ko da wane mutum suka haɗu. Ana cewa *je le vous promets*. Sannu a hankali *me*, *te*, *nous* da *vous* suka tsallake zuwa gaba, aka bar *lui* da *leur* a tsohon wurinsu. A shekarar 1647, lokacin da Claude Favre de Vaugelas ya fitar da littafinsa *Remarques sur la langue française*, ya goyi bayan *je vous le promets*, ya bar ɗayan jerin ga marubutan da. Ke nan *je la lui remets* ragowar tsohon tsari ne da sauyin bai kai gare shi ba.

Kafin jeri, sai an san sahun da za a ɗauko

Akwai kuskuren da ke faruwa tun kafin a zo ga jerawa, shi ne ɗauko wakili daga sahun da ba nasa ba. Abin da ke raba gardama a nan shi ne ko aikatau ɗin Faransanci yana neman *à* kafin mutum ko ba ya nema, kuma fassara daga Hausa ba ta da tabbas a wannan wuri. Bahaushe na cewa na gode masa, sai hannu ya kai ga *lui*. Amma *remercier* ba ya ɗaukar *à*, don haka *je le remercie* ake cewa. Haka *aider*: ina taimaka mata, *je l'aide*. A ɗaya gefen, Bahaushe na cewa ina tambayarsa, sai hannu ya kai ga *le*. Amma a Faransanci *demander à quelqu'un* ne, don haka *je lui demande*. *Appeler* da *téléphoner* duk kira ne a waya, amma ɗaya *je l'appelle*, ɗaya *je lui téléphone*. Shi ya sa malaman da suka san hannunsu kan sa ɗalibai su haddace aikatau tare da abin da ke biye da shi, *téléphoner à*, *obéir à*, *répondre à*, maimakon kalmar ita kaɗai.

Sannan akwai sahu biyu da ba sa zama inuwa ɗaya: na farko da na uku. Ba a cewa *il me lui présente* don nufin yana gabatar da ni gare shi. Idan karɓau na kai tsaye *me*, *te*, *se*, *nous* ko *vous* ne, to ɗayan mutumin sai ya fita daga sahu, ya koma bayan aikatau da *à* da cikakkiyar siffarsa: *il me présente à lui*, *je vous présente à elle*. A gwada da *il me le présente*, wanda daidai ne, amma ma'anarsa yana gabatar mini da shi. Wanda ya rikita waɗannan biyu ya sauya wanda ake gabatarwa.

Y da en, mazauna sahun ƙarshe

Waɗannan ƙananan kalmomi biyu asalinsu na wuri ne. *En* ya fito daga kalmar Latin *inde*, daga can. *Y* kuma daga kalmar Latin mai nufin nan ko can. Har yau wannan ma'ana tana raye: *je vais à Zinder* ya zama *j'y vais*, *je viens de Zinder* ya zama *j'en viens*. Ɗaya na zuwa, ɗaya na fitowa.

Daga nan aikinsu ya faɗaɗa. *Y* na maye gurbin *à* tare da wani abu marar rai: *je pense à l'examen*, ina tunanin jarrabawa, ya zama *j'y pense*. Idan mutum ake tunani, lafiyayyen Faransanci ya fi son *je pense à elle*, domin *penser à* na cikin aikatau ƙalilan da ba sa karɓar *lui* a gabansu. *En* kuma na maye gurbin *de* da abin da ke biye da shi, musamman in ana maganar wani ɓangare ko adadi. Mai sayen gero zai ce *j'achète du mil*, in ya taƙaita ya ce *j'en achète*. Idan buhu uku ne, *j'achète trois sacs* ya zama *j'en achète trois*: adadin na nan a bayan aikatau, buhun ne kawai ya koma *en*.

A nan ma Hausa na iya jan ƙafar mai koyo. In aka tambayi Bahaushe buhu nawa ya saya, "na sayi uku" ya wadatar. Faransanci bai yarda da wannan giɓi ba. *J'achète trois* jimla ce gurguwa a kunnen Bafaranshe, sai an saka *en* take tsayawa da ƙafafunta.

Wajen jeri ba su da wahala, tunda kullum su ne a ƙarshe, daf da aikatau. Ina ba shi wani abu daga ciki, *je lui en donne*. Yana yi mana magana a kai, *il nous en parle*. Ina kai su can, *je les y emmène*. Idan *me*, *te*, *se*, *le* ko *la* suka ci karo da su, wasalin na faɗuwa: *il m'en donne*, *je l'y porte*, *elle s'y intéresse*. Su biyun kansu da wuya su haɗu sai a jimla guda da kowa ya sani, wadda ake ji kullum a shago da kasuwa: *il y en a*, akwai, *il n'y en a pas*, babu, *il n'y en a plus*, ya ƙare. Wannan jimla ita ce matunin da ya fi sauƙi cewa *y* ke riga *en*.

Wani ɗan ƙaramin keɓantaccen wuri: *y* na ɓacewa a gaban siffar *aller* ta lokaci mai zuwa, saboda sauti iri ɗaya biyu za su yi karo. Ana cewa *j'y vais* yau, amma *j'irai* gobe.

Umarni: inda sahun ke komawa baya

Wuri ɗaya tak ne wakilan ke barin gaban aikatau su koma bayansa, shi ne umarnin a aikata. A koma ga wasiƙar nan. Uwa ta ce wa ɗanta ya miƙa wa shugaban makaranta ita: *remets-la-lui !* Aikatau a gaba, wakilan a baya, kowanne an ɗaure shi da karan ɗori. A wannan misali jerin *la* da *lui* bai sauya ba. Sauyin na bayyana ne idan shugaban da kansa ya ce a miƙo masa: *remets-la-moi !* A jimlar bayani *tu me la remets* ne, "mini" a gaba. A umarni kuwa *la* ta wuce gaba, *me* ya koma baya, ya kuma sauya kama zuwa *moi*.

Ke nan sahun umarni huɗu ne. Da farko *le, la, les*, sannan duk mutanen a sahu ɗaya, *moi, toi, lui, nous, vous, leur*, sannan *y*, sannan *en*. Abu kullum yana riga mutum: *donne-le-moi*, *montrez-les-nous*, *rends-la-leur*. Wannan shi ne tsohon jerin da aka ambata ɗazu, umarni ne ya adana shi. Ga Bahaushe kuma kishiyar abin da bakinsa ya saba ne, domin shi "ba ni shi" yake cewa.

Me ya sa *me* ke zama *moi*? Faransanci na ɗora nauyin murya a kan gaɓar ƙarshe ta rukunin kalmomi, kuma *me* da *te* ba su da ƙarfin ɗaukar wannan nauyi. Da zarar sun faɗo ƙarshe sai su sa babbar riga. In wani ya zo bayansu ya karɓi nauyin, sai su koma ƙananansu. Shi ya sa ake cewa *donne-moi du pain*, amma in burodin ya zama *en*, sai a ce *donne-m'en*. Haka sanannen korar nan *va-t'en*, tafi ka ba ni wuri: *t'* ɗin *toi* ne da ya ƙanƙance a gaban *en*, shi ya sa ake rubuta shi da waƙafin sama. Daban yake da *t* ɗin *va-t-il*, wanda aka cusa don daɗin furuci kawai.

*Y* da *en* na kawo wani sauyin a rubutu da furuci. Aikatau masu ƙarewa da *-er* ba su da *s* a umarnin mutum ɗaya: *mange*, *achète*, haka ma *va*. Amma in *y* ko *en* ya biyo kai tsaye, sai *s* ya dawo, a furta shi kamar *z*: *manges-en*, *achètes-en deux*, *vas-y*. Duk wanda ya taɓa jin ana zuga ɗan kokawa ko ɗan ƙwallo da *vas-y* ya ji wannan *s* ɗin yana aiki.

To, idan umarnin hani ne fa? Sai komai ya koma yadda yake a jimlar bayani. Wakilan su dawo gaban aikatau, karan ɗori ya ɓace, *moi* ya koma *me*, *s* ɗin nan ya tafi. *Remets-la-moi* ya zama *ne me la remets pas*. *Donne-m'en* ya zama *ne m'en donne pas*. *Vas-y* ya zama *n'y va pas*. Masana biyu na ƙarni na 19, Adolf Tobler a 1875 da Adolfo Mussafia a 1886, sun nuna cewa tsofaffin harsunan da suka fito daga Latin ba sa fara jimla da raunanan wakilan suna. A umarnin a aikata ba abin da ke gaban aikatau, dole wakilin ya koma baya. A hani kuwa *ne* ya tsaya a bakin ƙofa, wakilin ya sami abin fakewa.

A bakin titi, a Faransa da Kebek da sauran wurare, za a ji *donne-moi-le*, za a kuma ji *donne-moi-z-en* da wani *z* da ba shi da gurbi a rubutu. Mutane na fahimtar juna da su sarai, amma mai gyaran takardar jarrabawa zai soke su. Akwai kuma siffofin da nahawu ya halatta amma baki ke gudu, irin su *emmène-m'y*. Kusan kowa *emmène-moi là-bas* yake cewa, kuma babu laifi a ciki.

Lokutan da ke da aikatau biyu

Faransanci na gina shuɗaɗɗen lokacinsa na yau da kullum, wanda ake kira *passé composé*, da kalmomi biyu: mataimaki, wato *avoir* ko *être*, sannan siffar aikatau da ake kira *participe passé*. Na miƙa wasiƙa, *j'ai remis la lettre*. Tambayar ita ce, a jikin wa wakilan za su jingina? Amsar: a jikin mataimakin. Sahu biyar ɗin nan na tsayawa gaban *ai*, *as*, *a* da 'yan'uwansu, jerin bai canza ko kaɗan ba. *Je la lui ai remise*. Kuskuren da aka fi gani shi ne cusa su a tsakiya, a rubuta *j'ai la lui remis*, saboda mai koyo na ganin *remis* ne ke ɗauke da ma'anar. Korewa ma mataimakin take kewayewa: *je ne la lui ai pas remise*. Haka abin yake a sauran lokuta masu irin wannan gini: *je la lui avais remise*, *je la lui aurai remise*, da *être* kuma, *j'y suis allé*, da jimlar kasuwar nan, *il y en a eu*.

Mai lura zai ga *remis* ya zama *remise*. Wannan *e* ɗin ba ado ba ne, har a kunne ana jin sa, domin *s* da ke shiru a *remis* yakan fito da sautin *z* a *remise*. Ƙa'idar ita ce: da mataimaki *avoir*, *participe passé* na dacewa da jinsi da adadin karɓau na kai tsaye idan wannan karɓau ya riga shi zuwa. A *j'ai remis la lettre* wasiƙar na baya, ba a taɓa komai. A *je l'ai remise* ta wuce gaba a siffar *l'*, sai aikatau ya ɗauki alamar tamata. Wasiƙu da yawa: *je les lui ai remises*. Ana danganta tsara wannan ƙa'ida ga Clément Marot, mawaƙin fadar sarki François na Ɗaya, wanda ya shimfiɗa ta a 1538 yana koyi da Italiyanci, kuma tun daga lokacin take ba 'yan makaranta ciwon kai, har da 'ya'yan Faransawa.

Sanin sahu na rage wannan ciwon kai, domin sahun na faɗin wanda ke jawo dacewa. Sahu na biyu kullum yana jawowa. Sahu na uku ba ya taɓa jawowa: na rubuta musu, *je leur ai écrit*, ko mata ɗari aka rubuta wa. *Y* ba ya jawowa. *En* ma a ƙa'idar da ake koyarwa ba ya jawowa: *des lettres, j'en ai remis trois*. Sahu na farko ne kaɗai ke buƙatar a tsaya a tambaya, da wace fuska ya zo? Mace za ta rubuta *il m'a vue*, ya gan ni, da *e*, domin *m'* a nan "ni" ne. Amma *il m'a parlé*, ya yi mini magana, ba *e*, domin a nan "mini" ne. Hausa na taimakawa ƙwarai a wannan wuri, tunda ta raba "ni" da "mini" da kalmomi daban, muddin an tuna da aikatau irin su *remercier* da *demander* da ke saɓa wa fassara.

Irin wannan tambaya ce ke warware jimloli uku da kan rikita har manyan ɗalibai. *Elle s'est lavée*, ta wanke jikinta: *s'* shi ne abin da aka wanke, ya kuma zo gaba, sai *e*. *Elle s'est lavé les mains*, ta wanke hannuwanta: abin da aka wanke hannuwa ne, suna baya, ba dacewa. *Elle se les est lavées*: hannuwan sun koma *les* a sahu na biyu, sun wuce gaba, sai dacewa ta dawo da *es*.

Idan aikatau na biyu bai sarrafu ba

Akwai wani gini da ke kama da wancan a ido amma ƙa'idarsa daban. Za ni miƙa, ina son miƙawa, dole in miƙa: *je vais remettre*, *je veux remettre*, *je dois remettre*. A nan aikatau na biyu yana siffarsa ta ƙamus, kuma wakilan nasa ne, sai su tsaya gabansa, a tsakanin aikatau biyun: *je vais la lui remettre*, *je ne veux pas la lui remettre*, *il doit nous en parler*. Marubutan ƙarni na 17 kan hau da wakilin zuwa gaba su ce *je le veux faire*, kuma mai karanta tsofaffin littattafai zai ci karo da hakan, amma Faransancin yau *je veux le faire* yake cewa.

Idan gini biyun suka haɗu, wakilan na nan tare da mai su. Na so in miƙa masa ita: *j'ai voulu la lui remettre*. *Voulu* bai ɗauki *e* ba, domin *la* karɓau ce ta *remettre*. A umarni ma haka: je ka miƙa masa ita, *va la lui remettre*, ba karan ɗori ko ɗaya, saboda wakilan ba na *va* ba ne. Dalilin da ya sa ake rubuta *va en chercher* ba tare da *s* ba ke nan, alhali *vas-y* na da shi.

'Yan aikatau kaɗan ne ke karya wannan. Babbansu *faire* mai ma'anar sa wani ya yi abu, wanda ke janyo wakilan duka zuwa gabansa. Ina sa shi ya karanta ta: *je la lui fais lire*. Na sa shi ya karanta ta: *je la lui ai fait lire*, kuma *fait* a gaban irin wannan aikatau ba ya sauyawa, ko da *la* ko *les* ne a gaba. *Laisser* da aikatau na gani da ji, irin su *voir* da *entendre*, su ma sukan riƙe wakilin a gabansu: *je les entends chanter*, ina jin su suna waƙa. Gyare-gyaren rubutun Faransanci na 1990 sun ba da shawarar a bar *laissé* ba sauyi a wannan gini, kamar *fait*.

Abin da kunne ke ji da abin da takarda ke nema

Mai koyo da ya haddace duk wannan, in ya saurari Faransawa suna hira, zai iya zaton an yaudare shi. A tambayi mutum ko ya ba ɗan'uwansa littafin, sai ya ce *oui, je lui ai donné*, *le* ya ɓace gaba ɗaya. Wannan haɗiyar *le*, *la* da *les* a gaban *lui* da *leur* tsohuwar ɗabi'a ce a maganar baka, kuma ta yi daidai da abin da Bahaushe ke yi in aka ce masa "ka ba shi littafin?" ya amsa "na ba shi". A hira ba wanda zai ɗaga gira. A wasiƙar neman aiki ko takardar jarrabawa kuwa, *je le lui ai donné* ake jira.

Don haka gyaran jimla kafin a miƙa takarda na bin tambayoyi huɗu ne a jere, kuma ana iya gwada su da jimla mai ɗan nauyi: *tu as envoyé les photos à tes parents*, ka aika wa iyayenka hotuna. Tambaya ta farko, mene ne kowane wakili? Hotunan an aika su kai tsaye, *les*. Iyayen suna bayan *à* kuma mutane ne, *leur*. Ta biyu, jikin wa za su jingina? Lokacin mai mataimaki ne, sai gaban *as*. Ta uku, wa ke gaba? *Les* sahu na biyu, *leur* na uku. Ta huɗu, akwai dacewa? *Les* ya riga aikatau zuwa, *photo* kuma kalmar tamata ce, ga jam'i, sai *es*. Jimlar ta fito: *tu les leur as envoyées*.

In biyu kawai aka aika daga cikin hotunan, *les* ya koma *en*, ya sauka sahu na biyar bayan *leur*, dacewar ta faɗi: *tu leur en as envoyé deux*. In uwa ce ke ba da umarni a aika mata, *envoie-les-moi*; in biyu take so, *envoie-m'en deux*; in kuma ta fasa, *ne me les envoie pas*.